Daga shafukan majigi 14 zuwa takardar miƙa aiki: nazarin wani aikin ruwa a Damagaram

## Yadda aikin yake kafin 7 ga Afrilu

Wata ƙungiya mai zaman kanta da ofishinta ke cikin birnin Zinder tana gudanar da aikin rijiyoyin burtsatse takwas, waɗanda mutanen nan suka fi sani da foraj, a ƙauyukan Mirya da Magarya. Kowace rijiya za ta samu famfo mai aiki da hasken rana, da shato na tara ruwa, da kawunan famfo. Kuɗin aikin sefa miliyan 120 ne. Daga ciki, miliyan 72 kwangilar haƙa da gini ce da aka ba ɗan kwangila guda.

Injiniya ɗaya ne ya riƙe aikin tun farkonsa. Shi ke zuwa ƙauyukan, shi ke magana da ɗan kwangila, shi ke zama da masu gari. A ranar 7 ga Afrilu ya sanar cewa ya samu aiki a Yamai kuma 30 ga Afrilu ce ranarsa ta ƙarshe. Wadda za ta gaje shi tana Maraɗi, ba za ta iso ba sai 12 ga Mayu. Ke nan ba za su haɗu a ofis ba ko da kwana ɗaya.

Abin da ya bari a rubuce shi ne bayanin da ya gabatar wa masu ba da kuɗi ta majigi, shafuka 14, mai kwanan watan 28 ga Fabrairu. Shafi na 4 jadawalin rijiyoyin ne da launuka: biyar kore, biyu rawaya, ɗaya ja. Shafi na 9 ya ce an kashe kashi 62 cikin ɗari na kuɗin. Shafi na 13 ya lissafa matakai na gaba a layi biyar, babu suna ko kwanan wata a jikin ko ɗaya. A ranar 14 ga Afrilu shugaban ofishin ya tura wa mataimakiyar mai kula da ayyuka kwafin PDF na bayanin, ya ce ta fitar da takardar miƙa aiki daga cikinsa.

## 14 zuwa 16 ga Afrilu: mayar da shafuka zuwa rubutu

Ta bi shafukan a jere, kowane shafi ta mayar da shi sakin layi ɗaya ko biyu. Inda jadawali ya nuna kore ta rubuta “aiki na tafiya daidai”. Inda ya nuna kashi 90 ta rubuta “an kusa kammalawa”. Takardar ta kai shafi tara.

Shugaban ofishin bai karanta ta da kansa ba. Ya ba ma'ajin wani aiki na daban, wanda bai taɓa saka hannu a wannan ba, tare da tambayoyi biyar: mene ne abu na farko da za a yi ranar 12 ga Mayu, nawa ya rage da za a iya kashewa, wa ke bin ƙungiyar bashi, wace rijiya ce ta fi kusa da matsala, kuma ina yarjejeniyar kwangila take. Ma'ajin ya amsa ɗaya kawai, ya ce rijiya ta 8, tunda ita ce ja. Sauran huɗun babu amsarsu a cikin shafi taran. An ajiye takardar.

## 17 zuwa 22 ga Afrilu: tambayoyi ta waya

Injiniyan yana ƙauye yawancin waɗannan kwanaki. Mataimakiyar ta tura masa tambayoyi 31 ta WhatsApp. Ya amsa 11, duka da saƙon murya, wasu yana cikin mota. Tambayoyin irin masu faɗin baki ne. Da ta tambaya yaya aikin rijiya ta 6 yake, ya ce: “Malama, wannan ai ta yi nisa, alhamdulillahi, saura kaɗan.” Da ta tambayi dangantakarsu da ɗan kwangila, ya ce babu matsala, mutumin kirki ne. Babu amsar da ta ƙunshi adadi, ko kwanan wata, ko sunan takarda.

Abu ɗaya ya fito daga wannan zagaye. A saƙo na ƙarshe ya ce ta duba abin da ya rubuta a ƙarƙashin shafukan. A kwafin da ke hannunta babu komai a ƙarƙashin shafukan, domin idan aka fitar da PDF daga PowerPoint ba tare da an canza zaɓi ba, bayanan mai gabatarwa ba sa biyowa, haka ma shafukan da aka ɓoye. Ranar 22 ga Afrilu ta nemi ainihin fayil ɗin mai ƙarewa da `.pptx`, ya turo da dare.

## 23 zuwa 25 ga Afrilu: warware bayanin zuwa magana ɗaya-ɗaya

A ainihin fayil ɗin shafukan 16 ne. Biyun da suka ƙaru an ɓoye su da `Masquer la diapositive`, kuma ana gane su a jerin gefen hagu saboda sun dushe kuma an ja layi a kan lambarsu. Ɗaya jerin bashin da ɗan kwangila ke bi ne, ɗayan hoton wani zama ne a ƙofar gidan mai gari. Shafuka shida suna da rubutu a wurin bayanan mai gabatarwa. A kan zanen kuɗi na shafi na 9 ta danna maɓallin dama ta zaɓi `Modifier les données`, sai jadawalin lambobin da aka yi zanen da shi ya buɗe.

Daga nan ta daina bin shafi-shafi. Ta ɗauki duk wata magana da za a iya cewa gaskiya ce ko ba gaskiya ba, ta ba ta layinta a jadawali mai gida huɗu: abin da shafin ya ce, ranar da maganar ta kasance haka, takardar da ke tabbatar da ita, da halin da take ciki yau. “An gama haƙa rijiya ta 2” layi ɗaya ne. “An karɓi aikin rijiya ta 2 daga ɗan kwangila” wani layin ne daban, saboda takardarsa daban ce. Layukan suka kai 46.

Ranar 24 ga Afrilu hutu ne a Nijar, na ranar haɗin kan ƙasa, don haka duba takardu ya kasance 23 da safiyar 25: kabad ɗin ofis, littafin ma'aji, da littattafan wurin aiki da ɗan kwangila ke cikewa. Layuka 27 sun tabbata da takarda. Tara gaskiya ne a ƙarshen Fabrairu amma lamarin ya sauya tun daga lokacin. Shida babu abin da ke bayansu sai maganar baki. Huɗu ba a samu komai a kansu ba. Layuka 19 da ba su tabbata ba su ne suka zama ajandar zama da injiniyan.

## Rijiya ta 6

A shafi na 4 rijiya ta 6 kore ce, da kashi 90. A ƙarƙashin shafin injiniyan ya rubuta wa kansa kalmomi kaɗan da ke nufin ana jiran gwaji. A cikin fayil ɗin rijiyar akwai takardar haƙa mai nuna zurfin mita 68, da takardar saka bututu, da hotunan shato da aka gama. Takardar gwajin janyo ruwa ce babu.

Kashi 90 ɗin lissafin kuɗi ne. An jera sassan kwangilar, kowanne da farashinsa, aka tara farashin waɗanda aka gama. Haƙa, da bututu, da ginin shato su ne masu tsada, kuma duk an yi su. Gwajin janyo ruwa ɗan ƙaramin layi ne a lissafin, rashinsa bai rage komai a adadin ba. Amma shi ne ke faɗin ko rijiyar za ta ɗauki famfon da aka saya mata.

Adadin ruwa ɗaya kaɗai ke cikin fayil ɗin, lita 4,500 a awa, wanda aka auna lokacin haƙa ta hanyar hura iska cikin ramin. Wannan awo na ɗan gajeren lokaci ne. Birnin Damagaram da wani yanki na kewayensa suna zaune a kan dutse, shi ya sa ma ruwan famfon birnin daga nesa ake janyo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. A irin wannan ƙasa ruwa yana kwance ne a tsagogin dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Tsaga na iya ba da ruwa mai yawa a awa ta farko, sannan ta ja baya idan abin da ta tara ya ƙare, ya rage sai wanda ke tsattsafowa. Don haka kwangilar ta tanadi gwaji iri biyu: na mataki-mataki, inda ake ƙara ƙarfin janyowa ana auna yadda ruwa ke sauka, da na awa 24 ba tsayawa, sannan a auna yadda ruwan ke komowa bayan an kashe famfo.

Takardar odar kaya ta nuna an yi odar famfuna takwas iri ɗaya, kowanne mai jan lita 5,000 a awa, don a samu ragin farashi. Idan famfo ya fi ƙarfin rijiya, ruwa kan sauka har ƙasa da bakin famfon, ya riƙa jan iska. Mai na'urar kariya sai ya yi ta kashe kansa yana tashi, shato ba ya cika. Wanda ba shi da ita kuwa yana iya ƙonewa.

A zaman farko, da yammacin 25 ga Afrilu, mataimakiyar ba ta sake tambayar yaya aikin yake ba. Ta ce: “Injiniya, a fayil ɗin rijiya ta 6 ban ga takardar gwajin awa 24 ba. An yi an ɓatar da takardar ne, ko ba a yi ba?” Ya ce ba a yi ba. Injin wutar masu gwajin ya lalace a tsakiyar Fabrairu, magina kuma suna wurin, sai ya bari suka ci gaba da shato don kada a yi asarar kwanaki. Ya yi niyyar a yi gwajin a Maris, rijiya ta 8 ta ɗauke masa hankali.

## Kuɗin da ya rage

Kashi 62 na miliyan 120 shi ne miliyan 74.4. Duk wanda ya karanta shafi na 9 zai ɗauka akwai miliyan 45.6 a hannu. Jadawalin da ke bayan zanen ya nuna cewa adadin na kuɗin da ya fita daga banki ne zuwa 28 ga Fabrairu, ban da abin da aka riga aka sa wa hannu ba a biya ba.

Mataimakiyar da ma'ajin ofis suka cire abubuwa huɗu. Takardun neman biya na ɗan kwangila da ke jira, waɗanda ke kan ɓoyayyen shafin, miliyan 18. Odar famfuna da farantan hasken rana, da za a biya idan kaya sun iso, miliyan 14.5. Kuɗin garanti da ake riƙewa, kashi 5 na kwangilar miliyan 72, wato miliyan 3.6, wanda na ɗan kwangila ne kuma za a sakar masa shekara guda bayan karɓar aiki ta wucin gadi idan ba a ga aibi ba. Sai albashi da mai da sauran hidimar Maris da Afrilu, miliyan 4. Abin da ya rage wanda sabuwar shugabar za ta iya yanke shawara a kansa miliyan 5.5 ne.

## 28 da 29 ga Afrilu: alkawuran baki da rubuta takardar

Zama na biyu ya ɗauki minti 90, kamar na farko, kuma a kan layuka shida na maganar baki aka yi shi. Hoton da ke ɓoyayyen shafi na biyu na ƙauyen rijiya ta 3 ne. A wannan zama mai gari ya roƙi a ƙara mashayar dabbobi nesa da kawunan famfo, don kada shanu su riƙa cuɗanya da mata masu ɗiban ruwa. Injiniyan ya ce abin da ya faɗa shi ne za a duba. Mai wayar da kan jama'a da ya raka shi ya ce mutanen gari sun watse da fahimtar an amsa. Mashayar ba ta cikin kasafi, kuma an ƙiyasta ta a miliyan 1.2. Takardar ta ɗauki maganganun biyu gefe da gefe, kowace da matsayin wanda ya faɗe ta, ba ta zaɓi ɗaya ba.

A ƙauyen rijiya ta 5 kuma, filin da shato ke kai kyauta ce ta baki daga wani magidanci. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma ta hannunsu ake rubuta shaidar kyautar fili. Ba a rubuta ba tukuna.

Takardar ƙarshe shafi huɗu ce. Shafin farko na kwanaki 30 na farko ne, abubuwa bakwai a jere bisa ranar da kowanne zai wuce lokacinsa. Na biyu rijiyoyi takwas ne, kowace da layi uku ko huɗu, babu launi, babu kashi cikin ɗari. Na uku lissafin kuɗi ne, daga miliyan 45.6 zuwa miliyan 5.5, mataki-mataki. Na huɗu mutane ne da alkawura da inda kowace takarda take, har da lambar aljihun kabad. Ba a rubuta kalmomin sirri a ciki ba, an dai faɗi wanda za a nema ya buɗe wa sabuwar shugabar nata. Kowace magana tana da harafi a gabanta: T idan ta tabbata da takarda, B idan ta baki ce, S idan ba a sani ba. Ga abu na farko a shafin farko kamar yadda aka rubuta shi:

“Rijiya ta 6. Ba a yi gwajin awa 24 ba (B, daga Injiniya, 25 ga Afrilu; babu takarda a fayil). Famfon da aka yi oda na lita 5,000 ne a awa (T, takardar oda, aljihu na 2). Ƙarfin rijiyar na gaskiya: S. Mai sayar da kaya zai loda mota daga Yamai 19 ga Mayu. Shawarar da ke jiranki: a dakatar da famfo ɗaya har a yi gwaji, ko a bari ya zo. Ɗan kwangila ne ke da alhakin gwajin, kuɗinsa na cikin kwangila.”

Injiniyan ya karanta ranar 29 ga Afrilu. Ya gyara kwanan wata biyu, ya nemi a cire maganar mashaya, shugaban ofishin ya ce a bar ta tare da amsar injiniyan. Injiniyan ya sa hannu. An sake ba ma'ajin nan tambayoyinsa biyar, ya amsa duka cikin minti 12, kuma a ta huɗu ya ce rijiya ta 6.

## 12 ga Mayu zuwa Oktoba

Sabuwar shugabar ta kama aiki 12 ga Mayu. Ranar 14 ta rubuta wa mai sayar da kaya ya dakatar da famfo ɗaya. An yi gwajin 20 da 21 ga Mayu, ya nuna rijiya ta 6 za ta iya ɗaukar lita 2,500 a awa ba tare da ruwa ya sauka ƙasa da inda famfo zai zauna ba. Aka musanya famfon da ƙarami kafin ya bar Yamai, aka rage kawunan famfo na ƙauyen daga shida zuwa huɗu. Ta ziyarci mai garin rijiya ta 3 a mako na biyu, ta amince da mashayar daga cikin miliyan 5.5. Shaidar filin rijiya ta 5 ta fito a watan Yuni.

Rijiya ta 7 rawaya ce a shafi na 4, kuma takardar miƙa aiki ta faɗi halinta daidai: an haƙa, an gwada, saura ƙarafan shato. Abin da ba ta faɗa ba shi ne hanyar ƙauyen tana ratsa wani kwari da ke cika da ruwan farko na damina, babbar mota ba ta iya wucewa sai kaka. Sabuwar shugabar ta tsara kai ƙarafan a ƙarshen Yuni. Motar ta juyo daga bakin kwarin. An kai kayan a watan Oktoba, aka nemi ƙarin wa'adi daga masu ba da kuɗi. Direban ofis ya san da kwarin, injiniyan ma ya sani.

## Hukunci

Yunƙurin farko bai gaza don rashin iya rubutu ba. Shafukan 14 an shirya su ne don masu ba da kuɗi su ga inda aka kai, shi ya sa suka ƙunshi abin da aka gama, da launi, da kashi cikin ɗari, kuma injiniyan yana tsaye a gefe yana cike giɓi da baki. Mai karɓar aiki buƙatarta ita ce abin da ba a gama ba, da wanda ke jiran sa hannunta, da ranar da zai ɓaci. Mayar da shafukan zuwa jimloli ya ma ƙara ɓata lamarin, domin “kashi 90” adadi ne da mai karatu zai iya tuhuma, “an kusa kammalawa” kuwa hukunci ne da marubuciyar ta yanke ba ta da shaidarsa. Ga kuma tazarar watanni biyu da rabi tsakanin 28 ga Fabrairu da 12 ga Mayu, wadda ita ta jawo layuka tara da suka tsufa.

Tambayoyin waya sun gaza ne saboda siffarsu. Mutumin da ke haɗa kayansa, aka tambaye shi yaya aiki, amsar gaisuwa zai bayar, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tambayar da ta yi aiki ita ce wadda ta zo da takarda a hannu ta bar masa zaɓi biyu kawai. Kwana biyun da aka kashe a kabad su ne suka sa awa uku na zama suka isa. Da an nemi ainihin fayil ɗin tun 14 ga Afrilu, da an samu ƙarin kwana takwas daga cikin 16 da ake da su, kuma wannan kuskuren na wanda ya tura PDF ne fiye da na wadda ta karɓa.

Haruffan T, B da S sun fi kowane sashe na takardar amfani, musamman S. Ganin “ba a sani ba” a gaban ƙarfin rijiya ta 6 shi ya sa aka dakatar da famfon cikin kwana biyu.

Rijiya ta 7 ta nuna iyakar hanyar. Layuka 46 ɗin duk daga bayanin majigi suka fito, saboda haka abin da bai taɓa shiga bayanin ba bai samu layi ba, bai zama tambaya ba. Injiniyan ba zai rubuta maganar kwari ga masu ba da kuɗi ba, tunda a wurinsa ba labari ba ne. Ana buƙatar jeri na biyu wanda bai dogara da shafukan ba, a bi kowane ƙauye da tambayoyi iri ɗaya: hanya a rani da damina, ranar kasuwa, wanda ake fara gaisarwa, lokacin da mutane ke gona. Kuma ba injiniya kaɗai za a yi wa su ba. A wannan aikin an zauna da ma'aji da mai wayar da kan jama'a, ba a zauna da direba ba, alhali duk kwanakin da ake rubuta takardar yana harabar ofishin, kuma ya bi hanyar rijiya ta 7 fiye da kowa.